Minti Goma na Farko a Cikin Tabaran VR: Jiri, Fili da Kuɗi



Tun da Jami'ar Sule Lamido ta zauna a nan Kafin Hausa, kasuwar matasa ta buɗe, kuma mai gidan gem da ya ga bidiyon tabaran VR a waya dole ya yi sha'awar ƙara shi a shagonsa. Abin da nake so mu riƙe shi ne, wasan da aka fara sa wa baƙo shi ke yanke ko zai dawo, kuma shi ke faɗin filin da za a ware.

Jirin da ake kuka da shi ba na tsoro ba ne. A can cikin kunne akwai sashen da ke auna motsin kai da daidaiton jiki. Idan ido ya ga ana gudu ko ana gangarawa, alhali kunne ya shaida mutum a tsaye yake cak, sai saƙonnin biyu su ci karo a ƙwaƙwalwa, tashin zuciya ya biyo baya. Dangin abin da ke samun mai karatu ne a motar Dutse, sai dai can jiki ke tafiya ido na zaune. Shi ya sa babban kuskure ne a fara wa mutum da wasan lilon jirgi ko tseren mota, duk da su ne 'yan kallo suka fi so don ihun da ake yi.

Ku ɗauki Beat Saber, wanda ya fito a 2018. Mai wasa yana tsaye wuri ɗaya, akwatuna ke tahowa yana sara su da takubba biyu. Duk motsin da ido ya gani, jikin ne ya yi shi da gaske, don haka jiri ba ya cika samuwa. A kantin Meta an yi wa wasanni alama: a fara da masu Comfortable, a ajiye masu Intense. In wasan na yawo ne, a zaɓi Teleport a saiti, wato tsalle daga wuri zuwa wuri maimakon sulalawa.

Kafin a fara, a gyara tazarar gilasan biyu har rubutu ya fito tar, don hoto mai dishi-dishi yana kawo ciwon kai. A ba shi minti goma kawai, fanka na busa masa. Mai shago ya sa ido: gumi mai sanyi, yawan hamma, haɗiyar yawu, ko mai surutu ya yi tsit. Da an ga ɗaya, a cire tabarau, ya zauna. Kada abokai su ce masa ya daure, shi namiji ne. Dauriya tana ƙara abin ne, har ya wuni da shi, kuma kada ya hau babur sai ya warware.

Fili kuwa, Meta ta ce mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, babu komai a ciki. Tayil mai santimita 40 guda biyar ke nan kowane gefe. Na'urar tana sa a zana iyaka a ƙasa, ta nuna raga idan an matso, amma ba ta hana hannu kaiwa ga fankar sama, ko yaron da ya kutso kallo. Kyamarorinta na buƙatar haske, don haka a ɗakin duhu hoto zai riƙa zamewa. Kuma kada a bari rana ta faɗa kan gilasan, nan da nan take ƙona allon ciki.

Sai lissafi. Tabaran Quest 3S na Meta ya fito a Oktoba 2024 a kan dala 299, kuma ba ya buƙatar kwamfuta, saɓanin PlayStation VR2 da sai da PS5 ko kwamfuta. Mu ƙaddara dala naira 1,500: kusan 450,000 ke nan kafin ribar ɗan kasuwa. Beat Saber dala 30 ne, wato 45,000. A ƙara data, batiran hannuwa, fawa banki da marufin fuska mai goguwa saboda gumi, a ce 600,000. In ana karɓar 500 a kan mutum, sai mutum 1,200 sun yi wasa kafin uwar kuɗi ta dawo. Batirin kuma awa biyu da ɗan wani abu yake yi, wanda da gyare-gyare da goge-goge bai wuce mutum goma ba a caji guda. Sannan wasan da aka saya don amfanin kai, haya da shi na buƙatar lasisin kasuwanci daban, sai a binciki kuɗinsa kafin a biya na tabarau.