Rijiya ɗaya, gida biyu: matsaya daban, buƙata daban



Yau kan sulhu za mu yi magana. A 1981 Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard suka fitar da littafi kan sasanci, inda suka raba abu biyu: matsaya da buƙata. Matsaya ita ce abin da mutum ya kafe a kai. Buƙata kuwa ita ce dalilin kafewar.

Mu ɗauka a Wudil ne. Gida biyu, rijiya ɗaya a tsakaninsu. Ɗaya yana kiwon bijimai huɗu da zai kai kara ranar Juma'a, ɗayan kuma mai ƙananan yara ne. Bazara ta yi, ruwa ya ja baya. Mai yara ya ce sai an sa wa rijiyar kwaɗo. Mai shanu ya ce gado ce, ba mai kulle ta. To, matsaya biyu ke nan.

Idan mai unguwa ya tsaya a nan, me zai ce? A raba kwana, yau kai, gobe shi. Kamar adalci, ko? Amma sa ba ya azumi, tukunya ma haka. Kowa zai tashi da gunaguni.

Tambayar da ke buɗe magana ita ce: “Malam, idan ba a yi yadda ka ce ba, me kake tsoro?”

Mai yara ya ce da asuba ake janye ruwan, kafin iyalinsa su zura guga sai laka. Ga bakin rijiya a buɗe, ga yaro mai rarrafe. Mai shanu ya ce kowane sa kan sha kusan jarka biyu a zafin nan, takwas ke nan kullum. Kuma ba zai riƙa roƙon mukulli a rijiyar kakansa ba.

Kun lura? Ba wanda kwaɗo ne damuwarsa. Sai a yi murfi mai sakata, ba mukulli. Mai shanu ya ja nasa bayan isha'i ya tara a duro, rijiya ta kwana tana tsattsafowa, da safe ruwa ya kwanta garau. Su kuma haɗa kuɗin yasa.

Ga yadda ake gane su: matsaya hanya ɗaya tak ke biyan ta, buƙata kuwa ƙofofinta da yawa.

Sai dai abin yana da iyaka. Idan rijiyar jarka goma kawai take bayarwa a kwana, gidajen kuma sha biyar suke nema, tambaya ba ta ƙara ruwa. Nan sai a auna, a fara da na sha da girki, ragowar a saya wurin 'yan garuwa.

Mu haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.