Takardun da banki ke nema kafin ya buɗe maka asusun ajiya: jawabin kwamitin walwala a taron cikar shekara

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, da 'yan'uwa da suka taso daga Jugu da Malanbil, sannunku da zuwa Paraku.

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan buɗe asusun ajiya na farko a banki. Da yawa daga cikinmu har yau cinikin mako guda yana kwana a lalita ko a ƙarƙashin katifa, kuma mun san abin da gobarar kasuwa da 'yan fashin hanya suke yi wa irin wannan kuɗi. Idan ka tambayi mutum me ya hana shi, sai ya ce ya je banki an koro shi. In ka bi diddigi, yawanci kuɗinsa bai gaza ba, takardunsa ne ba su yarda da juna ba.

Dokar ƙasashen sefa ta wajabta wa banki ya tabbatar da abu biyu kafin ya buɗe wa kowa asusu: wane ne kai, kuma ina kake kwana. Ma'aikacin da ya dawo da kai gida ba lallai raini ba ne, shi ma akwai mai bincikensa.

Mu fara da shaidar kai. Ga ɗan ƙasar Benin, hanyar ta bi ta hukumar ANIP. Wanda ya yi rajistar RAVIP, wadda aka fara a 2017, yana da lambarsa ta NPI, kuma da ita ake ciro takardar CIP ko katin ɗan ƙasa mai ɗauke da zanen yatsa. Fasfo ma yana yi. Sharaɗin shi ne takardar ta zama ta asali, da hotonka a jiki, kuma wa'adinta bai ƙare ba. Takardar haihuwa ita kaɗai ba ta isa, domin ba ta da hoto. Ga 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar da ke zaune a nan, fasfo ne kan gaba, sannan banki kan ƙara neman katin ofishin jakadanci ko katin izinin zama. Lambar BVN da kuka saba da ita a Kano ko Kamba ba ta da aiki a nan, ta bankunan Najeriya ce. Wanda kuma ba ya zaune a Benin, shigowa kawai yake yi da kaya ya koma, ya faɗi haka tun farko, saboda asusun baƙo daban yake da na mazauni, kuma ɓoyewa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Inda muka fi faɗuwa shi ne suna. Mu ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Arzeke. A fasfonsa an rubuta Usman, a katin jakadanci Ousmane, takardar unguwa kuma ta ce Oumanou, domin wanda ya rubuta haka ya ji a kunnensa. A wurinmu mutum ɗaya ne, duk zango ya san shi. A wurin banki mutum uku ne. Haka ranar haihuwa: dattijon da tsohuwar takardarsa ta nuna shekara kawai, sabuwar kuma aka sa masa rana da wata, dole ya zaɓi takarda guda ta zama uwa, sauran duka su bi ta harafi da harafi. Laƙabi ba ya shiga. Alhaji, Malam, Mai Goro, duk a bar su a bakin ƙofa.

Sai shaidar mazauni. Abin da banki ya fi so shi ne takardar biyan wuta ta SBEE ko ta ruwa ta SONEB da sunanka a kai, kuma galibi wadda ba ta wuce wata uku ba. To, a zangon Paraku ko na Jugu, mutum nawa ne mita ke ɗauke da sunansu? Gida ɗaya, ɗaki goma, mita guda, da sunan mai gida, wani lokaci ma da sunan mahaifinsa da ya rasu. Mai albasan namu idan ya kai wannan takarda ita kaɗai, za a ce ba tasa ba ce, kuma gaskiya aka faɗa.

Mafitarsa takardar shaidar zama ce, wadda hukuma ke bayarwa bayan mai unguwa ya shaida cewa a unguwarsa kake. Ka je wa mai unguwa da takardar nan da ka zaɓa ta zama uwa, ka tsaya a kai har a kwafe sunan daidai. Wasu bankuna kan karɓi takardar haya haɗe da takardar wutar mai gida, wasu su sa ka zana taswirar gidanka: daga babban masallaci, kwana ta biyu, gida mai jar ƙofa. Kada ka ba da rumfarka ta kasuwa a matsayin gida, wurin sana'a gurbinsa daban ne a fom.

Saboda haka tsarin tafiyar yana da muhimmanci. A fara gyara suna da ranar haihuwa, domin shi ne mai cin lokaci. Sai a leƙa bankin a tambayi jerin takardunsa da mafi ƙarancin kuɗin da ake fara zubawa, tunda kowane banki da nasa. Takardar zama ita ce ta ƙarshe. Wanda ya fara da ita, kafin ya gama gyaran suna ta tsufa, sai ya sake biya.

Ran zuwa, a riƙe takardun na asali da kwafinsu, hotuna ƙanana biyu ko uku, da lambar wayar da aka yi wa rajista da sunanka, ba ta yaron shago ba. Za a tambaye ka sana'arka da kimanin abin da ke shigo maka a wata. Ka faɗi gaskiya. Wanda ya ce jaka hamsin, sannan bayan mako biyu ya zuba miliyan uku na cinikin shanu, shi ya jawo wa kansa tambayoyi. Asusun ajiya na mutum ɗaya ba ya buƙatar rajistar kasuwanci, ko da yake ana iya tambayar lambar haraji ta IFU. Sa hannu kuwa, ko da ajami ne, ka zaɓi wanda za ka iya maimaitawa kullum iri ɗaya. Wanda ba ya rubutu ya faɗa, banki yana da tsarinsa na dangwala yatsa.

Abu biyu ne haƙƙinku, ku riƙe su. Tun 1 ga Oktoba 2014 babban banki BCEAO ya sa buɗe asusu, da ba da littafin ajiya, da zuba kuɗi a bankinka, da rufe asusu cikin ayyukan da ba a biya. Kuɗin da ka fara zubawa naka ne, yana cikin asusunka, ba ladan buɗewa ba ne. Na biyu, dokar 2002 ta ce mai samun aƙalla jaka hamsin a wata a kai a kai yana da haƙƙin asusu, kuma idan bankuna uku suka ƙi shi, BCEAO na iya zaɓa masa wanda zai buɗe. Don haka in an ƙi ka, ka nemi a ba ka ƙin a rubuce.

Mun san wasu za su tambayi batun ruwa. Asusun ajiya a ƙasashen da ke ƙarƙashin BCEAO yana zuwa da ruwa na kashi 3.5 cikin ɗari a shekara, wato jaka ɗari biyu ta jawo kusan jaka bakwai. Wanda ba ya so, ya faɗa kafin ya sa hannu, ya tambaya ko bankin yana da sashen da ke aiki ba da ruwa ba.

Hajiyoyi, asusu da sunanki ake buɗe shi, da CIP ɗinki ko fasfonki, ba da takardar maigida ba. In sunan da ke kan takardarki na gidanku ne, shi za ki bayar ko da duk kasuwa da sunan miji ta san ki.

Bayan an tashi daga taro muna nan a teburin sakatare. Duk mai takardunsa a aljihu ya kawo mu jera su, mu duba sunan tare kafin ya kai wa banki.