Jawabin Hakimi Ran Buɗe Ɗakin Ajiyar Muryoyin Dattawa

Bayan Liman ya yi addu'a, sai Hakimi ya gai da Alƙali da Ma'aji, da dagatai da masu unguwanni. Sa'an nan ya juya wajen samari da 'yan matan da suka yi aikin nan ba da lada ba, ya ce taron yau nasu ne.

Ya ce ya gode musu bisa zaman da suka yi a zauruka da tsakar gidaje, suna neman izinin kowane tsoho kafin su kunna na'ura, suna fara kowane ɗauka da faɗin sunan mai magana, da garinsa, da ranar da aka zauna. Amma abin da ya fi gode musu a kai shi ne wahalar da suka sha wajen gano shekarun labaru. Gama dattawanmu ba su ƙidayar shekara da lamba, sai da abin da ya auku a cikinta: zuwan Sarauniya, watau 1956, ko samun mulkin kai, watau 1960, ko babban farin 1973.

Ya kawo misali da wani tsoho wanda ya ce an haƙa rijiyar unguwarsu shekarar canjin kuɗi. Mai gaggawa sai ya rubuta 1973, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Amma yarinyar da ta ɗauki maganar ta san an sake canji a 1984, sa'ad da aka sauya launin takardun naira. Sai ta koma ta tambaye shi, da wane kuɗi aka biya masu haƙa? Ya ce da naira, kuma a kwanakin an rufe iyakar ƙasa, mutane na layi a banki. Da haka aka tabbata 1984 ce. Da ba ta koma ba, da rijiyar ta ƙaru da shekara goma sha ɗaya a banza.

Hakimi ya ce wannan ita ce hanyar majalisar alƙali: ba a yanke magana da shaida ɗaya. Inda tsofaffi biyu suka saɓa, an ajiye muryar kowa yadda ta fito, an rubuta saɓanin a littafin rajista, ba a shafe ta kowa ba.

Daga ƙarshe ya umurci dagatai su aiko da sunayen tsofaffin da ba a kai gare su ba tukuna, a fara da waɗanda suka fi rauni. Ya roƙi Allah ya sāka wa masu aikin da alheri, ya jiƙan dattawan da suka riga mu gidan gaskiya bayan an ɗauki muryarsu. Jama'a suka ce amin, kana aka buɗe ƙofa.